Dubu arba'in da uku a aljihun tebur: nawa ne na mai shago?

A ɗauki wani shagon kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano, wanda ya yi rajistar karɓar harajin VAT. Wani magidanci ya shigo, ya zaɓi fanka mai tsayuwa, aka ce masa naira 40,000 ce, haraji kuma naira 3,000. Ya ƙirga naira 43,000 ya miƙa, yaron shago ya jefa a aljihun tebur, ya buɗe littafi ya rubuta: fanka ɗaya, 43,000.

Daga nan matsala ta fara. Cinikin shagon naira 40,000 ne. Sauran dubu ukun kuɗin gwamnati ne, mai saye ya biya, mai shago kuma amana ya riƙe. A Najeriya wannan haraji kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, lokacin da aka ɗaga shi daga kashi 5. Dokar kuɗi ta 2019 da ta ɗaga shi ta ɗauke wa masu cinikin ƙasa da naira miliyan 25 a shekara nauyin karɓarsa a wancan lokacin.

Saboda haka cinikin nan guda ɗaya wuri uku yake shiga. A shafin kuɗin hannu, ɓangaren hagu da akantoci ke kira debit, a rubuta 43,000, domin abin da ya shigo ke nan. A shafin ciniki, ɓangaren dama wato kiredit, a rubuta 40,000. Sannan a shafin haraji, shi ma ɓangaren dama, a rubuta 3,000, domin bashi ne a wuyan shago har ranar da za a biya. Hagu 43,000, dama 43,000, lissafi ya yi daidai. Mai ƙaramin shago ba sai ya sayi littattafai uku ba. Ya ɗauki rula ya ja layi uku a littafinsa na kullum: kuɗin da aka karɓa, ciniki, haraji. Rasit ɗin mai saye ma ya nuna su daban-daban.

Sai dai kasuwa ba ta san farashi ɗaya ba. Mai saye zai ce, "Haba Alhaji, ka bar min a arba'in cif, ba ni da ko sisi a kai." In Alhaji ya ce ya sallama, bai yafe harajin ba, don ba nasa ba ne balle ya yafe. Harajin yana nan cikin dubu arba'in ɗin, sai an ciro shi.

A nan ne ake yawan kuskure. Hannu yakan tafi kai tsaye ya cire kashi 7.5 na abin da aka karɓa, alhali a kan farashin kaya ake ɗora harajin, kafin a haɗa jimla. Hanyar ita ce a raba kuɗin da 1.075. Naira 40,000 za ta ba da ciniki na naira 37,209.30, ragowar naira 2,790.70 haraji. Wanda ya fi son gajeriyar hanya sai ya ninka kuɗin sau 3 ya raba da 43, harajin zai fito masa. A gwada da cinikin farko: 43,000 sau 3 a raba da 43, dubu uku daidai. Da an cire kashi 7.5 na 43,000, da an rubuta 3,225, shago ya tafka asarar naira 225 a fanka ɗaya. Wanda ke sayar da fanka ɗari a lokacin zafi ya zubar da naira 22,500 bai sani ba.

Dubu ukun ma ba duka za a kai wa hukuma ba. In mai shago ya saro fankar a kan naira 32,000, ya biya dila harajin naira 2,400, zai cire wannan daga dubu ukun, ya biya naira 600. Sharaɗin shi ne takardar dila ta nuna harajin ƙarara. Takardar da ta ɓace ko wadda aka rubuta a dunƙule ba ta zama hujja. Ribar fankar kuwa tun farko naira 8,000 ce, tsakanin 40,000 da 32,000.

Ana miƙa bayanin wata ga hukumar haraji ta tarayya zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Kafin ranar, akwai gwaji mai sauƙi: a ninka jimlar layin ciniki da 0.075, a duba ko ta yi daidai da jimlar layin haraji. In sun saɓa, ko dai an cire harajin daga jimla a wani ciniki, ko an rubuta wani a dunƙule, sai a koma kan rasit ɗaya bayan ɗaya. Shagon da ke haɗawa da kayan da ba a ɗora wa harajin, irin su shinkafa da magani, sai ya ware musu layi na huɗu kafin gwajin ya yi aiki.