Idan Tela Zai Rufe Shago: Ina Makomar Shaddar Mutane da Kuɗinsu?

Yawancin shaguna a garuruwanmu ba sa sallama idan za su rufe. Mutum ya zo karɓar ɗinkinsa ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ya kira waya ya ji ta a kashe, maƙwabcin shago kuma ya ce masa ai maigidan ya tashi tun makon jiya. Daga nan sai maganar ta koma gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Sau da yawa mai shagon ba ɓarawo ba ne. Haya ce ta fi ƙarfinsa, ko ya samu aiki a wani gari, kunya ta hana shi faɗa, ya yi ta jinkiri har ranar da mai gida ya karɓi makulli.

Shagon tela ya fi dacewa a yi misali da shi, domin abu biyu na mutane ne a hannunsa lokaci guda: yadinsu da kuɗinsu. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, mai sana'a irin tela yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kai, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo wannan hukunci. Dokar Najeriya ma ba ta sake shi ba. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a Hukumar CAC, ba kamfani mai iyakantaccen alhaki ba, shi da shagonsa abu ɗaya ne a idon doka. Bashin shago bashinsa ne, kuma sauke allon suna ba ya goge shi.

Saboda haka ba da rubuta sanarwa ake farawa ba. Da littafin awo ake farawa. Mu ɗauka tela ne a Fagge da ke Kano, yana da aikin mutum 40 a shago. Ya zauna ya raba su: 18 an gama, 10 ba a taɓa su da almakashi ba, 12 an yanka amma ba a haɗa ba. Waɗanda aka gama, masu su za su zo su cika kuɗi su ɗauka. Waɗanda ba a taɓa ba, a mayar da yadi yadda ya zo tare da kafin alƙalami cif, ba a cire ko sisi.

Rigimar tana wajen guda 12 ɗin nan. Yadin da aka yanka ba ya komawa yadi, kuma teloli da yawa ba sa son karɓar yankan wani, domin idan riga ta fito a karkace su za a zarga. Abin da ya fi shi ne tela ya ƙarasa su kafin ya tashi. Idan lokaci ya ƙure, sai ya nemi abokin sana'a da ya yarda da hannunsa, su yi lissafi a kan kowace riga.

Ga yadda lissafin yake. An yi cinikin ɗinkin shadda a kan naira 16,000, mai kaya ya ba da 10,000. Tela ya yanka, an kimanta yankan 3,000, ya kuma biya mai aikin wuya 4,000. Aikin da aka yi ya kama 7,000 ke nan, saura na 9,000. Rarar 3,000 da ke hannun tsohon tela ba tasa ba ce, sai ya miƙa wa sabon tela tare da rigar da takardar awo, mai kaya kuma ya cika 6,000 ranar karɓa, daidai abin da da ma zai cika. Idan sabon tela ya ce shi ba zai taɓa ba sai a 11,000, ƙarin 2,000 ɗin yana kan wanda ya rufe shago, tunda shi ya kasa cika alkawari. Idan kuwa mai kaya ya ce a ba shi abinsa ya kai inda yake so, a ganina bai kamata a caje shi kuɗin yanka ba. Kuɗin aikin wuya kaɗai za a cire, a mayar masa da 6,000.

Wani abu da ake yawan tsallakewa shi ne neman yardar mai kaya. Ba a kai shaddar mutum wani shago sannan a sanar da shi. Haka nan littafin awo, musamman na mata, da lambobin wayarsu, ba kaya ba ne da za a haɗa da keken ɗinki a sayar. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko babu ita, matar da ta ga saƙo daga baƙon tela yana ambata mata awonta ba za ta ji daɗi ba.

Sai an gama wannan lissafi sannan sanarwa za ta yi ma'ana, domin yanzu akwai ranakun da za a iya cikawa. Ga misali:

"Assalamu alaikum. Muna sanar da abokan cinikinmu cewa za mu rufe shago ranar 30 ga Satumba. Daga yau mun daina karɓar sabon aiki. Wanda aikinsa ya kammala ya zo ya karɓa kafin 25 ga wata. Wanda ba a fara nasa ba zai karɓi yadinsa da kuɗinsa gaba ɗaya kafin 15 ga wata. Wanda aka yanka nasa za mu kira shi ya zaɓa: mu miƙa wa wani tela ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko ya karɓi kayansa da ragowar kuɗinsa. Kayan da ba a zo ɗauka ba za su kasance a ajiye a shagon da ke kusa da mu, kuma lambar wayarmu za ta ci gaba da aiki. Mun gode."

Babu dogon bayanin dalilin rufewa a ciki, kuma babu buƙatarsa. Mai karantawa tambaya ɗaya yake yi: nawa fa? A manna ta a ƙofa, a sa a WhatsApp, amma duk wanda yake da kaya ko kuɗi a shagon a kira shi da baki, domin dattijon da ya aiko yaro da shadda ba lallai ya ga saƙon waya ba. Wata guda shi ne mafi ƙarancin wa'adin da ya dace. Kuma kada a ɗora shi cikin azumi ko gab da Babbar Sallah, lokacin da kowane tela ya cika maƙil, ba mai karɓar ragowar aikin wani.

Wajen biya ma akwai tsari. Kuɗin da za a mayar a ware shi gefe tun kafin a taɓa kuɗin sayar da kekuna da janareta. Wanda ya biya ta banki a mayar masa ta asusun da ya turo, wanda ya karɓa a hannu ya sa hannu a littafi gaban shaida. Idan kuɗin bai isa kowa ba, kada a bar shi ga mai ƙarfin murya ya kwashe. A faɗi gaskiya, a biya kowa wani kaso daidai gwargwadon abin da yake bi, a rubuta ranar cikon.

A kuma kwashe kayan mutane kafin wa'adin haya ya cika, domin idan mai gida ya garƙame ƙofa kan bashin haya, shaddar da ba ruwanta za ta kwana a ciki. Mai rajistar sunan kasuwanci ya sanar da CAC cewa ya daina aiki, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, don a cire sunan daga rajista. Asusun banki da layin waya kuwa a bar su a buɗe na wasu watanni, saboda wanda ya yi tafiya ya dawo yana neman rigarsa.