Galan Ba Ma'auni Ba Ne: Yawan Baƙin Man Da Injin Mota Ke Sha

Wata ranar Asabar na kai motata juye a wani gareji da ke bayan unguwarmu. Corolla ce ƙirar 2010, mai fulogi huɗu. Na saya wa yaron mai garejin galan mai lita biyar da sabuwar filta, na koma inuwa ina hira. Da na dawo sai na tarar da galan ɗin a yashe a ƙasa, babu ko ɗigo a ciki.

Na ce masa, "Samari, ina ragowar man?"

Ya ce, "Ai ta shanye, Alhaji. Galan guda take sha."

Ba ta shanye ba, ɗura mata aka yi. Littafin motar ya ce lita 4.2 take ɗauka idan an sauya filta. Yaron ya ƙara mata lita 0.8 a kan haka, kusan cikin babbar robar ruwa. Da na zaro geji, sai ga mai ya haura alamar cika da nisa.

Maganar nan ta "galan guda take sha" ita ce tushen yawancin kuskuren da ake yi. Galan kansa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai lita huɗu, akwai mai lita biyar, akwai kuma wanda ake shigowa da shi daga Amurka mai lita 4.73, domin su da nasu ma'aunin suke awo. Injin kuwa bai san girman galan ba.

Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu, wanda masu gyara ke kira mai fulogi huɗu, yawanci yana ɗaukar tsakanin lita uku da rabi zuwa lita biyar, mafi yawansu kuma suna kewayen lita huɗu. Honda Accord mai injin 2.4 ta shekarun 2003 zuwa 2007 lita 4.2 ce har da filta. Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 lita 4.3 ce, alhali Corollar da na ambata, mai injin 1.8, lita 4.2 take sha. Ka ga ke nan lambar nan ta 1.8 ko 2.4 da ake faɗa ba yawan baƙin mai take nufi ba, faɗin cikin silindoji ne. Abin da ke yanke yawan man shi ne girman kwanon da ke ƙasan injin, inda man ke taruwa, da filta, da hanyoyin da yake bi. Shi ya sa littafin mota kan ba da adadi biyu, da sauyin filta da kuma babu, domin filtar kanta tana riƙe kamar kwatan lita. Wanda ya sayi motarsa ta hannu babu littafi, ya nemi na ƙirar motar da shekararta da irin injinta, kada ya dogara da na maƙwabci, domin ko a mota iri ɗaya adadin kan sauya daga wannan ƙira zuwa waccan.

Amma adadin littafi na ranar juye ne kawai, lokacin da aka tsiyaye tsohon mai. Ƙari a tsakanin juye da juye wani lissafi ne daban, kuma alƙalinsa geji ne, wato siririn ƙarfen nan mai kan rawaya ko ruwan lemo da ake zarowa daga jikin injin.

A ƙarshen gejin akwai alamu biyu. A wasu motoci ɗigo biyu ne ko huji biyu, a wasu an rubuta L da F, ko MIN da MAX. Ta ƙasa tana nufin mai ya yi ƙasa, ta sama tana nufin ya cika. Duk inda man ya tsaya a tsakaninsu lafiya lau ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yawan man da ke tsakanin alamun nan biyu. A yawancin injinan fulogi huɗu kusan lita guda ne. A Corolla irin tawa lita ɗaya da rabi ne. To idan direba ya ga mai ya sauka alamar ƙasa, ba wai injin ya ƙafe ba ne. Akwai sauran kusan lita uku a ciki. Wanda ya firgita ya juye masa lita biyu ko uku, ya wuce gona da iri.

Karanta gejin ma yana da ladabinsa, kuma a nan ne na fi ganin ana tuntuɓe. Sai an ajiye motar a wuri mai shafe, ba a kan gangaren ƙofar gida ba, ba kuma taya biyu a kan dakali ba. Kwanon mai faɗi ne ba zurfi ba, ɗan karkata kaɗan sai man ya gudu gefe guda, geji ya yi maka ƙarya. Sannan a kashe injin a jira aƙalla minti biyar zuwa goma. Lokacin da injin ke aiki, wani kaso na man yana sama, a kan injin da cikin hanyoyinsa, sai ya samu lokaci kafin ya gangaro. Wanda ya tsaya a gidan mai ya kashe mota, nan take aka buɗe bonet aka zaro geji, zai ga mai ya yi ƙasa alhali bai yi ba. Daga nan sai ka ji an ce, "Oga, manka ya yi shot," an miƙo lita guda. Ni dai na fi son awon safe, kafin a tayar da mota, domin duk man ya kwana a ƙasa.

Zarowar farko ba a karanta ta. A goge ƙarfen da tsumma mai tsabta, a mayar da shi har ya zauna daram, a sake zarowa. A riƙe shi a kwance ko bakinsa na kallon ƙasa, don kada man ya gangaro sama ya ruɗe ka. A duba fuska biyu na ƙarfen. Idan suka saɓa, ɗauki wadda ta fi ƙasa, domin ɗayar ta shafo man da ke jikin bututu ne. Sabon mai garau yake kamar zuma, da ƙyar ake ganinsa, sai an karkata ƙarfen wajen haske.

Bari mu ɗauki misali. A ce a Corollar nan ka auna da safe, ka tarar man ya tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin alamun, wato ɗan sama da ta ƙasa. Tazarar duka lita ɗaya da rabi ce, saboda haka abin da ya rage a kai alamar cika lita ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Kada ka zuba shi a tashi ɗaya. Goge kewayen murfin da ke saman injin, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a ko'ina, buɗe shi, sa mazurari mai tsabta, ka zuba rabin lita. A jikin yawancin robobin mai akwai wani siririn layi da ake hango man ta cikinsa, da lambobi a gefe, shi zai nuna maka abin da ka zuba. Jira minti biyu ko uku man ya sauka, ka sake awo. Yanzu zai ɗan wuce tsakiya. Ƙara kwatan lita, jira, auna. Zai kai wajen kashi uku cikin huɗu. Nan ma za ka iya tsayawa. Babu wata lada da ake samu don an taɓa alamar sama daidai. Mayar da murfin ka ɗaure, ka tabbata geji ya zauna. Murfin da aka manta a kan batir ya sha wanke wa mutane injin da baƙin mai.

Man da za a ƙara ya kasance mai kauri irin wanda ke ciki. Lambar tana jikin roba, kamar 5W-30 ko 20W-50, a wasu motocin ma an rubuta ta a kan murfin. Idan kamfanin ya bambanta amma lambar ɗaya ce, ba abin damuwa ba ne. Abin gudu shi ne man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san daga wace duro ya fito ba.

To me ya sa ake tsoron cikawa fiye da kima, bayan mai abin alheri ne ga injin? Dab da saman man da ke cikin kwano akwai karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, yana zagaye sau dubu biyu zuwa dubu uku a minti ɗaya a tafiyar yau da kullum. An tsara shi ne ya yi juyinsa ba tare da ya tsoma cikin man ba. Idan man ya taso ya iske shi, sai ya riƙa kaɗa shi kamar yadda maburgi ke kaɗa miyar kuka, man ya koma kumfa. Famfon mai zai zuƙi kumfar nan ya tura, iska kuwa ba ta hana ƙarfe gugar ƙarfe. Ga mai ya yi yawa, ga injin yana fama da ƙishirwa. Bayan haka, rarar man kan bi hanyar numfashin injin ya shiga inda fetur ke ƙonewa. Sai ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, fulogi ya yi baƙi, mota tana rawa. Robobin da ke tare mai a bakin karanshaf su ma sukan fara yoyo, musamman a tsohon injin.

Ba kowace ɗoriya ce ke kai ga haka ba. Idan man ya haura alamar sama da kaurin ƙwayar shinkafa ko biyu, bar shi. Idan ya haura da faɗin yatsa ko fiye, a rage kafin a yi tafiya mai nisa. Hanya mafi tsabta ita ce a zura siririn tiyo ta ramin geji, irin na ƙarin ruwa ma yana yi, a zuƙo da babban sirinji. Haka muka yi da tawa a ranar, muka cika robar ruwa har wuya. Kwance noti na ƙasan kwano yana yi, sai dai da wuya a iya tare man idan ya ɓalle, kuma idan injin da zafi zai ƙona hannu.

Akwai cikar da ba ta hannun kowa ba. Idan ba ka ƙara mai ba amma kullum geji yana hawa, wani abu ne ke shiga. Sunsuna ƙarfen: warin fetur yana nuna fetur na zurarewa cikin kwano. Idan kuma man ya koma launin shayi da madara, ruwan lagireto ne ya samu hanya, galibi gasket ɗin kan injin ya ƙone. Wannan ba aikin sirinji ba ne, na bakanike ne.

Jar fitilar nan mai kama da buta da ke kunnuwa a gaban direba ba ma'aunin yawan mai ba ce. Tana kunnuwa ne idan ƙarfin turin man ya faɗi, kuma kafin ta kama, mai ya daɗe da wuce alamar ƙasa. Idan ta kama kana tafe, ka sauka gefe ka kashe injin nan take. Masu Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 su fi kowa kiyayewa, domin an san injin da shan mai ta wajen zobban fistin, sau da yawa ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Irin wannan mota tana son a zaro mata geji duk mako, da kuma safiyar duk ranar da za a kama hanyar Kano zuwa Abuja, a kuma ajiye robar lita guda da mazurari a but.