Abin da Ke Tona Asirin Fuskar da Aka Ɗora a Hoto

Masu shagon hoto sun san wannan aikin, domin kusan kullum ana kawo musu shi. An yi biki, an ɗauki hoton dangi, amma babban yaya yana Saudiyya bai samu zuwa ba. Ko kuma mahaifi ya rasu, 'ya'ya suna son hotonsa cikin babbar riga su rataye a falo, alhali ƙaramin hoton fasfo kaɗai ya bari. Sai a yanko fuskar daga hoto ɗaya a ɗora ta a kan jikin wani. Sau da yawa yankan yakan fita tsaf, babu inda wuƙa ta karkace, amma duk wanda ya kalla sai ya ce, "Kai, wannan kan ba na jikin nan ba ne." Idan ka tambaye shi ta yaya ya gane, ba lalle ya iya faɗa maka ba.

Abin da idonsa ya kama shi ne haske. Kowane hoto yana ɗauke da shaidar hasken da aka ɗauke shi a ciki: ta ina ya zo, ƙarfinsa, da launinsa. Idan aka haɗa hotuna biyu, an haɗa haske biyu ne a wuri ɗaya, kuma ido ya saba tun yarinta da ganin rana ɗaya tana haska kowa ta gefe ɗaya. Masu binciken hotunan jabu, irin su Farfesa Hany Farid na Amurka, da wannan ma suke kama ƙarya. Sukan duba ɗan ɗigon hasken da ke ƙyalli a ƙwayar idon kowane mutum a hoton. Idan na mutum uku yana sama ta hagu, na na huɗun kuma yana tsakiyar ido, to ba tare aka ɗauke su ba.

Mu ɗauki aikin babban yayan nan mu bi shi daki-daki. Hoton dangin an ɗauke shi a tsakar gida bayan la'asar, rana ta yi ƙasa tana dukan mutane daga hagun hoton. Kowa kuncinsa na wannan gefen ya yi haske, inuwar hanci ta faɗa dama. Wani ƙani mai irin jikin yayan ya tsaya a madadinsa. Fuskar da aka kawo kuwa ta fasfo ce, an ɗauke ta cikin ɗaki da filashi daga gaba.

Shawara ta farko ita ce a nemi wani hoton. Filashin da ya zo daga saitin kyamara yakan shafe inuwar fuska gaba ɗaya, ya bar ƙyalli a tsakiyar goshi, kan hanci da saman kumatu. A baƙar fata wannan ƙyallin ya fi fitowa, domin fatar da ke kewaye da shi tana da duhu, don haka shi ne abin da ido ke fara gani. Launi ana iya gyara shi cikin minti kaɗan, amma gefen da haske ya fito yana da wuyar gyarawa. Saboda haka ka roƙi dangin su bincika wayoyinsu. Hoton da aka ɗauka a waje, haske na zuwa daga hagu, ko da bai kai na fasfon kyau ba, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. A guji hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa, domin kusancin kyamara yana ƙara wa hanci girma ya ɓoye kunnuwa, shi kuwa hoton dangi daga nesa aka ɗauke shi.

Idan hoton da aka samu haskensa daga dama yake, akwai dabarar juya shi da Flip Horizontal, amma tana da tarko. Fuskar mutum ba ɗaya take ba hagu da dama. A ƙarni na 19 an ɗora kan shugaban Amurka Abraham Lincoln a jikin wani ɗan siyasa, John Calhoun, aka juya fuskar don ta dace da tsayuwar jikin, sai tusar jakin da ke kuncinsa ta koma ɗaya gefen. A wurinmu abin ya fi haka tsanani: mai bille a kunci ɗaya, ko tabo, ko karyayyen haƙori, 'yan'uwansa za su gane an sauya masa gefe tun kafin su karɓi hoton a hannu.

To a ce an samu fuskar da haskenta ya zo ta hagu. An yanke ta a Photoshop da Layer Mask, an daidaita girmanta ta hanyar kwatanta tazarar idanuwa da faɗin haɓa da na ƙanin da ke ƙasa. Yanzu sai gyaran haske, kuma a nan yawancin masu koyo suke yin gaggawa su tafi ga launi. Launi yana ruɗa ido. Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe shi na ɗan lokaci: a ɗora Black & White a saman komai, hoton ya koma baƙi da fari. Nan take za ka ga abin da launi ya ɓoye, wato fuskar ta fi wuya haske, ko kuma gashin gira da gemu sun fi duk wani baƙi da ke hoton duhu.

Wannan batu na baƙi shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi sa fuska ta yi kamar tana shawagi a gaban hoto. Kwamfuta tana auna haske daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Hoton da aka ɗauka a waje, musamman lokacin hunturu da ƙura ta cika iska, ba ya da baƙi na gaske. Wurin da ya fi duhu a cikinsa yana iya tsayawa a wajen 25. Fuskar da aka kawo kuma ƙwayar idonta da gemunta suna iya sauka har 5. Maganinsa shi ne a ɗora Curves a kan fuskar, a ɗaure shi da ita kaɗai ta danna Ctrl+Alt+G don kada ya taɓa sauran hoton, sannan a kama ɗigon da ke ƙasa ta hagu a ɗaga Output ɗinsa daga 0 zuwa wajen 20. Baƙin fuskar zai sassauta ya yi daidai da na gemun kawun da ke tsaye kusa. Haka za a yi wa ɗigon sama idan farin ido ya fi farar shaddar da ke hoton haske, a sauke shi kaɗan. Daga nan sai a motsa tsakiyar layin har kunci ya zo daidai da na maƙwabtansa.

Bayan haske ya zauna, a cire Black & White a fuskanci launi. Haske kansa yana da launi, ko da ido ba ya lura. Ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, yana wajen 2700 a ma'aunin Kelbin, ja-ja ne mai ruwan ɗorawa. Hasken rana tsaka da na filashi suna wajen 5500. Inuwa a ƙarƙashin sararin sama takan kai 7000 ko fiye, shuɗi-shuɗi. Ranar bayan la'asar tana karkata ga ja, don haka fuskar da aka ɗauka da hantsi a gindin bishiya za ta fito toka-toka a tsakanin mutanen da rana ta yi wa ja.

Kada a dogara da ido a nan, domin bayan minti goma kana kallon allo ya saba da kuskuren. A buɗe Info, a ɗauki Eyedropper a sa Sample Size ɗinsa a 11 by 11 Average don ya auna fili maimakon ɗigo ɗaya. A ce bayan hannun ƙanin, inda rana ta haska, ya nuna R 130, G 88, B 62, kuncin fuskar da aka ɗora kuma ya nuna R 118, G 88, B 80. Lambobin sun faɗi ciwon: shuɗi ya yi yawa da 18, ja ya gaza da 12. A cikin Curves a zaɓi Blue a ja tsakiyar layin ƙasa har lambar ta kusanci 62, a zaɓi Red a ɗaga shi zuwa wajen 130. Sai dai a auna haske da haske, inuwa da inuwa, kada a kwatanta kunci da ƙarƙashin haɓa. Hannu ma yakan ɗan fi fuska duhu, ga mata kuma hoda da lalle suna sauya lissafi, shi ya sa yana da kyau a duba fuskar wani ɗan'uwa mai irin launin fatarsa a matsayin shaida ta biyu. Akwai Match Color da ke yin wannan da kansa, amma idan ba a zaɓi wani wuri ba yana auna hoton ne gaba ɗaya, don haka bango kore ko atamfa ja na iya rina fatar mutum.

Wani abu da fuskar ba ta zo da shi ba shi ne inuwar da ya kamata ta yi wa jikin. Haɓa tana jefa inuwa a wuya, hula tana jefa siririyar inuwa a goshi. Idan babu su, kai ba ya zama a kan wuya. A buɗe sabon shafi a sa shi a Multiply, a tsamo launin ruwan ƙasa mai duhu daga wata inuwa ta gaske da ke hoton, a shafa da burushi mai laushi a Opacity 10 zuwa 15, ana maimaitawa a hankali. Tunda rana daga hagu take, inuwar haɓa za ta karkata dama. Baƙi zalla ba ya aiki a nan, yakan fito kamar an goga gawayi. Farar riga kuma tana mayar da ɗan haske zuwa ƙasan haɓa, don haka kada a duhunta wurin fiye da kima.

Saura laushin hoto. A hoton mutum ashirin kowace fuska ƙarama ce, ba ta fito tar ba, ga ɗan yashi-yashin da kyamara ke bari. Fuskar da aka ɗora sau da yawa ta fi sauran kaifi, har ana ƙirga gashin gira. Dole a rage mata kyau don ta shiga cikin jama'a: Gaussian Blur na 0.5 zuwa 1, sannan Add Noise na 1 zuwa 3 cikin ɗari tare da Monochromatic, ana kwatantawa da wuya a girman 100%. Gefen yankan ma a sassauta shi da Feather na 1 ko 2, a kuma duba kunne da gefen kunci ko an bar siririn zaren farin bangon fasfo.

Duk wannan ana yinsa ne da yardar mai fuskar ko iyalansa. Ɗora fuskar 'yar mutane a jikin da ba nata ba don a ci mata mutunci zalunci ne, kuma mai shagon da ya san darajar sana'arsa ba ya karɓar irin wannan aikin komai kuɗin da aka ba shi.

Kafin a buga, a ƙanƙanta hoton ya koma girman allon waya a kalle shi daga nesa, domin bambancin haske ya fi fitowa idan hoto ya yi ƙarami. Sannan a buga ƙaramin gwaji a kan irin takardar da za a yi aikin da ita. Takarda takan fi allo duhu, kuma ja ko shuɗin da ya ɓuya a kwamfuta yana iya bayyana a fatar goshi. Idan gwajin ya fito, a miƙa shi ga wanda bai san an taɓa hoton ba, a tambaye shi ya nuna wanda bai halarci bikin ba.