Yadda Ake Saita Kibiyoyi Uku da Dabarar Gram da Schmidt

A lissafi, bekta kibiya ce mai tsawo da alƙibla, ana rubuta ta da lambobi kamar (1, 2, 2). Kibiyoyi sun fi daɗin aiki idan kowace biyu sun haɗu a kusurwar digiri 90, kuma tsawon kowacce ɗaya ne cif. Dabarar saita su haka tana ɗauke da sunan Jørgen Gram ɗan Denmak, wanda ya yi rubutu a kai a 1883, da Erhard Schmidt ɗan Jamus, a 1907.

Ma'auninta guda ne: a ninka lambobin kibiyoyi biyu, ta farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, har ƙarshe, sannan a tara. In an sami sifili, kusurwar ta yi daidai. In ba a samu ba, ɗaya tana da inuwa a kan ɗayar, kuma inuwar nan ake cirewa.

Ga kibiyoyinmu: a = (1, 2, 2), b = (3, 3, 0), c = (2, 1, 7).

Ta farko ba a taɓa ta. Ninka-taran a da kanta 9 ne, na b da a shi ma 9. A raba, a sami 1, wato inuwar b a kan a ita ce a ɗungurungum. Da an cire ta, sai d = (2, 1, −2) ta rage. Gwaji: 2 + 2 − 4 = 0.

Ta uku tana da inuwa biyu. Ninka-taran c da a 18 ne, a raba da 9, a sami 2. Na c da d kuwa −9 ne, na d da kanta 9, a sami −1. To sai a cire a sau biyu, a ƙara d sau ɗaya:

e = (2, 1, 7) − (2, 4, 4) + (2, 1, −2) = (2, −2, 1)

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, suna auna c da tsohuwar b maimakon d da aka gyara. Mai yin haka zai sami (−1.5, −4.5, 3), wadda ninka-taranta da a ke ba da −4.5. Shi ya sa a ganina bai kamata a tsallake gwajin sifili ba, ko sau ɗaya.

Saura tsawo. Ninka-taran kowacce da kanta 9 ne, tsawonta 3 ke nan. A raba kowace lamba da 3: (1/3, 2/3, 2/3), (2/3, 1/3, −2/3), (2/3, −2/3, 1/3).

Sharaɗin dabarar shi ne kada wata kibiya ta zama haɗin sauran. Da c ta kasance (4, 5, 2), wato a da b a haɗe, abin da zai rage bayan cire inuwa shi ne (0, 0, 0), wadda ba ta da tsawon da za a raba da shi. A kwamfuta kuma, idan kibiyoyin sun kusa kwanciya kan juna, guntayen lambobin da na'ura ke yankewa sukan taru su karkatar da kusurwa. Don haka masu shirya manhaja suka fi son cire inuwa ɗaya, su auna ta gaba da abin da ya rage.