Ninkawa da Kishiya: Dabarar Gano Iyaka a Lissafi Mai Saiwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace da Hausa wata dabara da ɗaliban lissafi ke cin karo da ita tun shekararsu ta farko a Jami'ar Maiduguri da takwarorinta. A nan, “saiwa” na nufin lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta haifar da wata, kamar yadda 3 take saiwar 9. “Iyaka” kuwa ita ce lambar da amsa ke dosa yayin da x ke kusantar wani adadi.

A ɗauki misalin ɗaki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 3, wato filinsa 9 ke nan. Idan aka ƙara wa filin x, ɗakin kuma bai sauya siffa ba, kowane gefe zai ƙaru da √(9 + x) − 3. Abin nema shi ne iyakar (√(9 + x) − 3)/x yayin da x ke dosar sifiri. Wanda ya sa sifiri kai tsaye zai tarar da 0/0, wanda ba amsa ba ce, alama ce kawai ta cewa da sauran aiki.

Kishiyar √(9 + x) − 3 ita ce √(9 + x) + 3: lambobin ba su sauya ba, alamar tsakiya kaɗai aka juya. Sai a ninka sama da ƙasa da ita. Tun da (a − b)(a + b) = a² − b², sama zai koma (9 + x) − 9, wato x. Ƙasa kuwa a bar shi yadda yake, x(√(9 + x) + 3), domin mai gaggawar warware baka yakan ɓatar da x ɗin da ake son sokewa. Soke shi halal ne, saboda x kusantar sifiri yake yi, bai zama sifiri ba. Abin da ya rage shi ne 1/(√(9 + x) + 3), iyakarsa kuwa 1/6.

Ana iya jarraba wannan. Idan x = 0.01, jimlar asali za ta ba da kimanin 0.16662, dab da 1/6. Amma idan x = 0.0000000001, na'urar lissafi da ke riƙe lambobi goma kacal za ta ɗauki √(9 + x) a matsayin 3 cif, ta ba da sifiri, alhali kuwa ƙarya ce. Dalili shi ne an ɗebe lamba daga wadda ta yi kusa da ita ainun, sai bambancin ya salwanta. Sabuwar jimlar ba ta da wannan illa, domin tarawa ta maye gurbin ɗebewa.

Sai dai dabarar ba ta cin saiwa ta uku, ∛(8 + x) − 2 alal misali. A can, a² + ab + b² ake ninkawa da shi, domin a samu a³ − b³.