Tallar Fanka a Haruffa 160: Me Za a Yanke, Me Za a Bari?

Mai shagon kayan lantarki da ke son tura wa abokan cinikinsa talla ta saƙon tes yana da gurbin haruffa 160 kacal a saƙo guda. Lambobi da waƙafi da sararin da ke tsakanin kalmomi duk a cikin lissafin suke. Bayanin da ke jikin kwalin kaya kuwa yakan ninka haka sau da yawa, don haka yanka ya zama dole.

A ce a kasuwar Sabon Gari ta Kano wani ya sauke fanka mai caji, zai sayar da kowace a kan naira 28,000. Kwalin ya ce fanka ce ta zamani, mai inganci, inci 16, gudunta hawa uku, tana da fitila da rimot da wurin cajin waya, akwai fara da shuɗiya, kuma batirinta yana kai awa 8 a ƙaramin gudu, awa 3 a babba.

Kirari shi ake fara zubarwa. «Ta zamani» da «mai inganci» ba su gaya wa mai saye komai ba, domin babu ɗan kasuwar da zai ce kayansa maras kyau ne. Launi da rimot su ma sai su bi baya, idan mutum ya zo shago zai gani da idonsa. Abin da ya kamata ya tsira shi ne dalilin da zai sa magidanci ya zaro kuɗinsa a watan Afrilu, ana tsananin zafi an ɗauke wuta, yara sun kasa barci. Tallar sai ta koma haka:

«Fanka mai caji, inci 16. In an dauke wuta tana aiki awa 8 a karamin gudu. Tana cajin waya. N28,000 guda daya. Shago 12, Sabon Gari, Kano.»

Haruffa 137 ke nan, saura 23, sun ishi lambar waya mai lambobi 11.

Kalmomin da aka fi sha'awar gogewa a nan su ne «a karamin gudu», kuma su ne ba za a taɓa ba. Idan aka cire su, tallar ta yi alkawarin awa 8 ba da wani sharaɗi ba. Mai saye zai kai ta gida, ya ƙure gudunta, kafin tsakar dare ta tsaya cak, da safe ya dawo da ita yana cewa an cuce shi. Kuma da gaskiyarsa, ko da yake mai shagon bai ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba. Ragewar ce ta sauya maganar. A ganina duk adadin da ya zo da sharaɗi, ko dai a ɗauke su tare, ko a bar su tare.

Farashi ma haka yake. Adadi tsirara ba ya wadatarwa a kasuwar da ake sari da sayar da ɗai-ɗai a layi guda, shi ya sa aka rubuta «guda daya». Idan farashin sari ne, a faɗi daga guda nawa yake farawa. Idan fankar tana zuwa da faifan sola amma kuɗinsa daban ne, to kada a ambaci sola sam, sai in za a sa nasa farashin. Wasu kuma suna ɓoye kuɗin gaba ɗaya, su ce a kira a ji. Mutane da yawa ba sa kiran, kunya suke ji kada a faɗa musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Mai karatu zai lura an rubuta «dauke» da «karamin» babu lanƙwasa, an kuma sa N a madadin alamar naira. Da gangan ne. Tsarin haruffan da ke ba da gurbi 160 bai ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ ba, haka ma alamar ₦. Ɗaya daga cikinsu ta shiga, sai saƙon ya koma wani tsarin mai ɗaukar haruffa 70 kawai, tallarmu ta rabu gida uku, a caji mai shago kuɗin saƙo uku a kan kowane mutum. A allon ƙofar shago ko a WhatsApp babu wannan matsala, can sai a rubuta Hausa da lanƙwasarta.

Kafin a tura, a karanta wa wanda bai taɓa ganin kayan ba, sau ɗaya tak, a tambaye shi me ake sayarwa, me zai yi masa, nawa ne. Idan ya mayar da tambaya, ya ce «Da solar ko babu?» ko «Ɗaya ko biyu?», to a wurin aka yanka fiye da kima, sai a mayar da kalmar, a nemi gurbinta daga wani wajen. A wannan tallar, cajin waya ne zai fara ba da wuri.