Wa Ya Yi Magana? Tsara Zancen Taurari a Labari

Mai ba da labari da baki yana da murya. Ya sirantar da ita ya zama yarinya, ya kaurara ta ya zama tsoho, mai sauraro ba ya ɓata. Marubuci kuwa ba shi da wannan gata. Abin da ke hannunsa shi ne alamar zance da waƙafi da sakin layi, kuma yawancin ruɗanin da ake samu a littattafan hikaya, musamman waɗanda ake bugawa a waya, daga sakaci da su yake tasowa. Dubi wannan:

Ladi ta shigo ta ce Inna ina makullin ɗakin ta ce ai yayanki ya ɗauka ta ce to yaushe zai dawo ta ce bai faɗa mini ba.

Mata biyu, “ta ce” har huɗu. Dole mai karatu ya koma baya yana lissafin wadda ke magana. Ga shi bayan gyara:

Ladi ta shigo ta ce, “Inna, ina makullin ɗakin?”

“Ai yayanki ya ɗauka,” in ji Inna.

“To, yaushe zai dawo?”

Inna ta ci gaba da tankaɗe. “Bai faɗa mini ba.”

Babban gyaran shi ne sakin layi. Duk lokacin da magana ta koma bakin wani, sai a sauko sabon layi, ko da kalma ɗaya zai furta. Shi ya sa layi na uku bai bukaci “ta ce” ba: su biyu ne a wurin, juyin Ladi ne. A layi na huɗu kuma aikin da Inna take yi ne ya nuna mai maganar, don haka aikin da zancen suka zauna tare. Da an ɗora tankaɗen a layin Ladi, da an ɗauka ita ce ke riƙe da rariyar. Amma wannan sauƙi yana da iyaka. Da zarar mutum na uku ya shigo ɗakin, sai an riƙa ambaton suna.

Sai waƙafi. Hausa ta fi son gabatar da mai magana, don haka waƙafi yake zuwa bayan “ta ce”, a buɗe alamar zance, a fara da babban baƙi. Idan zancen ne ya riga, kamar a layi na biyu, waƙafi ne ke rufe shi ba aya ba, domin jimlar ba ta ƙare ba sai an kai “in ji Inna”. Alamar tambaya da ta motsin rai suna shiga ciki, tunda na mai maganar ne, kuma ba a ƙara musu waƙafi. Akwai kuma waƙafin kiran suna, wanda na fi ganin ana yarwa. “Ɗauko, Binta” umurni ne ga Binta. “Ɗauko Binta” kuwa ita za a ɗauko.

Kuskuren da ya fi ɓata ma'ana shi ne sa alamar zance a maganar da aka rawaito. Idan aka rubuta Inna ta ce ba ta sani ba, marubuci ne ke isar da saƙo, babu bukatar alama. Idan aka rubuta Inna ta ce, “Ba ta sani ba,” to an haifi wata mace ta daban wadda Inna ke magana a kanta. Abin da ya fita daga bakinta shi ne, “Ban sani ba.” Hanyar ganewa ita ce duba wakilin suna: mai magana yana kiran kansa da “ni”, “na”, “zan”, “ban”. Haka nan in “cewa” ko “wai” ta gabaci maganar, galibi rawaitowa ce.

Zance cikin zance yana ɗaukar alama guda:

Ladi ta ce, “Yaya ya ce mini, ‘Ki jira ni,’ shi ya sa na zauna.”

A nan Hausa tana da tata matsalar, domin wannan alamar ta yi kama da wadda ke cikin 'ya'ya da 'yan'uwa. In zancen cikin ya fara da irin waɗannan kalmomi, alamomi kan cunkushe, kuma ni a ganina gara a mayar da shi rawaitowa: Yaya ya ce in jira shi. A Nijar, inda ake rubuta ƴ, wannan cunkoson ya ragu, kuma wanda ya yi karatun Faransanci yakan buɗe zance da « » ko da dogon kara a farkon layi. Kowanne ya halatta, muddin wanda aka fara da shi a shafin farko shi aka riƙe har ƙarshen littafin.